Kafin a taɓa jari: wa zai saya, wa ke sayarwa, yaushe mai saye zai dawo?

Wannan shi ne jawabin da malamar koyar da ƙananan sana'o'i ta yi a rumfar taro, ga waɗanda ke shirin fara saye da sayarwa. An buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.



Na san akwai waɗanda suka zo da ɗan kuɗi a ƙulle a bakin zane, wasu na adashi ne, wasu tallafi ne suka matse bakinsu suka rage, wasu kuma akuya suka sayar. Kuɗin ba su da yawa, kuma idan suka tafi babu wasu a baya. Shi ya sa yau ba zan yi maganar yadda ake ciniki ba. Maganar abin da ake yi kafin a sayo kaya zan yi, wato yadda mutum zai gano wace haja ce take da gurbi a nan inda muke, ba a garin da ya baro ba.

Wannan bambancin na farko ne da ya kamata mu yarda da shi. Wadda ta yi shekara goma tana tuyar ƙosai a bakin tasha a Zamfara ko Sakkwato ko Katsina ta iya tuya, babu mai musu. Amma tashar ce take kawo mata baƙi kullum, direbobi da fasinjoji masu kuɗi a aljihu. Nan babu tasha. Mutanen da kika gani yau su za ki gani gobe, su za ki gani jibi, kuma kin san abin da ke aljihunsu domin irinsa ne a naki. Kasuwar da mutanenta ba sa canjawa tana da nata lissafi dabam.

Da yake wasunmu har yanzu da naira suke lissafi a ka, bari in tuna mana: dala guda sefa 5 ce, jikka guda kuma sefa 1,000, wato dala 200. Da dala da jikka zan yi magana. Farashin da zan ambata na daidaita shi ne don lissafi ya yi sauƙi, kowa ya cire nawa ya sa na kasuwar wannan mako.

Mu ɗauki misalin mace guda, mu bi ta daga farko har ƙarshe. Tana zaune a unguwar can ƙarshe, wadda ke da gida kamar 120, kuma daga ƙofarta zuwa 'yar kasuwar sansani tafiya ce mai ɗan nisa, zuwa da dawowa ya kusa cinye sa'a guda. Tana da jikka 15. Abu uku ne ke mata yawo a rai: ta yi ƙosai, domin ta iya, ko ta saro bokitai da robobi daga Maraɗi, domin ta lura babu mai sayar da su a unguwar, ko ta sayar da kayan miya.

Da ta zo wurina, zuciyarta ta fi karkata ga robobi. Hujjarta ita ce babu kowa a kai. Na ce mata ta ajiye kuɗin tukuna, ta ba ni kwana uku.

Aikin farko shi ne a gano ko ana bukatar abin, kuma a nan ne yawancinmu muke yaudarar kanmu. Mace za ta je wurin maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, in na kawo kaza za ki saya?" Me kuke zaton za ta ce? Za ta ce, "Ƙwarai kuwa, Allah ya sa albarka." Kunya ce ta amsa, ba aljihu ba. Ranar da kaya suka iso sai ta ce yau dai babu hali. Saboda haka kada ku tambayi mutum abin da zai yi. Ku tambaye shi abin da ya riga ya yi. A ce, "Jiya me kika saya da kuɗi? A wurin wa? Na nawa?" Wannan tambaya ba ta da wurin kara, domin jiya ta wuce, abin da aka saya an saya.

Wurin yin tambayar ma ba sai an wahala ba. Layin famfo ya isa. Tana jiran jarkarta ta cika, ta yi hira da mata 20 cikin kwana uku, ba 'yan'uwanta kaɗai ba, har da waɗanda gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ba ta iya rubutu ba, sai ta samu gwangwani uku a gida, na ƙosai, na roba, na kayan miya, duk wadda ta ambaci ɗaya sai ta jefa tsakuwa a ciki idan ta koma. Da kwana uku suka cika muka juye. Na kayan miya tsakuwa 14. Na ƙosai 9. Na roba babu ko ɗaya. Da ta sake tambaya ta ce to a cikin wata guda da ya wuce fa, sai aka samu mace ɗaya da ta sayi bokiti, shi ma don nata ya fashe.

Ga wani abu da nake so ku riƙe, domin zai buɗe muku ido a kan hajoji da yawa. Idan rabon abinci ya zo, me ake bayarwa? Hatsi ne, da wake, da mai, da gishiri. Kun taɓa ganin an raba kuka? Ko daddawa, ko barkono, ko busasshiyar kuɓewa? Amma tuwo ba ya ciwuwa gaya. Hatsin nan da aka ba ka kyauta shi da kansa yake tilasta maka sayen wasu abubuwa: sai an niƙa shi, sai an samu makamashin dafa shi, sai an yi masa miya. Duk mai neman gurbi a wuri irin namu ya fara dubawa nan, ya tambayi kansa: mene ne rabo yake sa mutum ya bukata, amma babu shi a cikin rabon? A can ne kuɗin mutane ke fita kullum, ko suna so ko ba sa so.

Aiki na biyu shi ne a ƙirga masu sayarwa. Ta zaga da safe ta ƙirga kaskon ƙosai a unguwarsu da bakin hanyar makaranta, ta samu 6. Ku zo mu yi lissafin tare. Idan 9 cikin 20 suna sayen ƙosai, a gida 120 ke nan kamar gida 54 ne. Ita ce za ta zama ta bakwai. In an raba daidai, kowace ta samu mai saye kamar 8. In kowa ya sayi na dala 20, cinikin safiya dala 160 ne, bai kai jikka guda ba. A ciki za ta cire wake, da niƙa, da mai, da itace. Kuma wutar da za ta hura don mutum 8 kusan ita ce za ta hura don mutum 30, man da zai cika kasko shi ne dai. Sannan ba za a raba daidai ɗin ba ma, domin waɗancan shidan kowace tana da mutanenta da suka saba da hannunta. Ƙosai ana son sa, ana kuma dawowa kullum, amma tabarmar ta cika, babu wurin zama.

Robobi kuwa babu mai sayarwa, gaskiya ne. Sai dai idan ka ga wuri fayau babu kowa, kada ka yi saurin murna. Wani lokaci ba a gano shi ba ne, amma sau da yawa wasu sun riga ka zuwa, sun ga babu komai, sun tashi. Ka tambayi tsofaffin wurin ko wani ya taɓa gwadawa, kuma me ya tashe shi.

Akwai kuma wani abokin gasa da ba ya zama a kasuwa, ba ya shimfiɗa tabarma, kuma ba ka isa ka karya masa farashi ba: shi ne rabon kyauta. Ni kaina ya taɓa kayar da ni. A farkon zamana irin wannan wuri na zuba kusan duk abin da nake da shi a katan-katan na sabulu, ina ganin ai kowa yana wanki. Kwana shida da sarowa aka yi rabon kayan tsafta. Ba ma kawai mutane sun daina saye ba, wasu da suka fi bukatar kuɗi a hannu suka fito da nasu suna sayarwa ƙasa da yadda na saro. Na yi wata biyu ina kallon sabulu, sabulu yana kallona. Ba laifin masu rabo ba ne, aikinsu suka yi, ni ce ban tambaya ba. Don haka duk abin da kuka san ana rabawa, ko da jefi-jefi ne, irin su bokiti, jarka, tabarma, gidan sauro, sabulu, man girki, ku yi hattara da shi. Ku tambayi shugaban unguwa ko 'yan kwamiti abin da aka saba rabawa da lokacin da aka yi na ƙarshe.

To kayan miya fa? A 'yar kasuwa ta ƙirga masu tebur da masu tire 11. Da jin haka sai ta ce, "Malama, ai nan ma ya cika, ya ma fi ƙosai." Na ce mata ta sake dubawa: a ina suke, ƙarfe nawa suke tashi, kuma yaya suke ƙulla kayansu? Sai ga abin da ya fito. Dukkansu a kasuwa suke, babu ko ɗaya a unguwarta. Yawancinsu suna tattara kaya bayan la'asar, alhali a lokacin ne mata da yawa ke ɗora tukunyar dare, a lokacin ne kuma maigida ke dawowa daga ɗan aikin ƙodago da abin da ya samu. Sannan kowane abu ƙullinsa dabam: kuka dala 5, daddawa dala 5, barkono dala 5. Mai dala 10 a hannu sai ta haƙura da ɗaya.

Kun ga gurbi ke nan. Ba sabuwar haja ba ce da ba a taɓa gani ba. Haja ce da kowa ya sani, amma akwai wurin da ba ta kai ba, akwai lokacin da ba a samun ta, akwai kuma girman ƙullin da ya dace da aljihun mutane wanda ba a yi. Idan kuna duba masu sayarwa, kada ku tsaya ga yawansu. Ku duba wa suka bari a baya. Abin da ta yanke shi ne ta yi haɗin miyar tukunya guda, kuka da daddawa da barkono daidai girkin dare ɗaya, a dala 10, a ƙofar gidanta, daga la'asar zuwa magariba.

Yanzu sai na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a wuri irin wannan: in mutum ya saya yau, yaushe zai dawo?

Mu koma kan bokiti. A ce ma babu rabo, a ce kowane gida cikin 120 yana sayen bokiti ɗaya a shekara, kuma duk a wurinta za su saya. Bokiti 10 ke nan a wata. In tana cin ribar dala 60 a kan kowane, ta samu jikka 3 a wata. Dala 60 a ciniki ɗaya tana da daɗin ji, shi ya sa irin wannan haja take jan mutane. Amma wadda ta sayi bokiti yau kin sallame ta ke nan sai baɗi. In bokitin mai kyau ne ma, sai ya fi haka. Jikka 15 ɗinki kuma suna jibge a ɗaki, rana tana cin su, ba ki da damar juya su.

Haɗin miya kuwa, ga yadda muka fitar da kuɗinsa. Ta sayi tiyar kuka a dala 150 ranar kasuwar ƙauye. Ta samu ƙaramin murfi ta mai da shi ma'auni, ta zauna ta auna tiyar nan kaf, ta ba ta awo 50. Ke nan awo guda ya tsaya mata dala 3. Haka ta yi wa daddawa, ta tsaya dala 2, barkono dala 1. Leda da kuɗin hawa zuwa kasuwa, da muka raba su a kan ƙulli-ƙulli, dala 1. Jimla dala 7. Ta sayar dala 10, riba dala 3. Ina roƙonku, wannan awon kada a yi shi da ka. A zauna a auna da hannu. Mutane da yawa suna sayarwa wata da watanni ba su san ƙulli guda nawa ya tsaya musu ba, sai su ga kaya suna ƙarewa, kuɗi kuma ba sa taruwa.

Dala 3 abin dariya ce in ka ajiye ta kusa da dala 60. Amma 14 cikin 20 suna sayen kayan miya a rana, wato gida kamar 84 a unguwar. Ba mu ce duk za su zo ba. Mun ce a ba ta kashi ɗaya cikin huɗu kawai, mutum 20. Dala 3 sau 20, dala 60 ke nan a rana. Ribar bokiti guda ce, amma kullum, ba sau goma a wata ba. A kwana 30 ta kama jikka 9. Kuma jarin da take bukata don kayan rana guda dala 140 ne, ya fita da yamma ya dawo da daddare. Miyar jiya an shanye ta, yau sai an sake.

Maza, wannan lissafin naku ne ku ma. Mai sayar da tocila yana ganin mutum sau ɗaya, mai sayar da batir yana ganin sa duk bayan 'yan kwanaki. Mai sayar da butar shayi da mai sayar da ganyen shayi da sukari a ƙulle ba ɗaya suke ba. Kafin ka saro abu ka tambayi kanka kwana nawa yake yi a hannun mai saye kafin ya ƙare. Abin da ake ci, ko ake ƙonawa, ko yake ƙarewa da amfani, shi ke dawo da mutum. Ban ce kada kowa ya sayar da kaya masu daɗewa ba. Amma mai yin haka yana bukatar jama'a masu yawa da ke canjawa, irin na kasuwar mako inda ƙauyuka ke haɗuwa, da jarin da zai iya jira. Mai jikka 15 a unguwa mai gida 120 ba shi da ko ɗaya.

Duk wannan lissafin baki ne har yanzu. Tsakuwa a gwangwani ba ciniki ba ce. Saboda haka ba ta zuba jikka 15 ba. Ta ware abin da zai yi ƙulli 30, jikka guda da dala 10, ta fara da shi, in ya ƙare ta sake sarowa da kuɗin da ya shigo. Sauran ta bar su inda suke. Muka yi alkawarin gwaji na mako biyu.

Lokacin da za a yi gwajin yana da muhimmanci. Kun fi ni sanin yadda kuɗi ke tafiya a nan. Makon da aka yi rabo ko aka biya tallafi kowa yana da ɗan abin taɓawa, ko ƙasa ka ƙulla sai an taya. Bayan mako biyu sai wuri ya yi tsit. Wanda ya gwada hajarsa a makon rabo kaɗai zai ɗauka ya tsinci dami a kala, ya kwashe jarinsa duka ya saro, sai kaya su iso daidai lokacin da aljihu ya bushe. A fara gwaji kamar kwana goma bayan rabo, ya ratsa cikin kwanakin matsi. Abin da aka saya a lokacin da babu, shi ne ake bukata da gaske.

Kuma a gwajin ba yawan abin da aka sayar kaɗai ake dubawa ba. Kwana biyun farko ƙulli 30 ɗin nan suka ƙare tas, ta zo tana murna. Na ce ta dakata, domin rabin masu sayen 'yan'uwa ne da maƙwabta da suka zo yi mata kara, wasu kuma son ganin sabon abu ne ya kawo su. Abin da muke nema shi ne wa ya dawo. Ɗanta da ke zuwa makaranta ya samu littafi ya rubuta sunan duk wadda ta saya, in ta sake zuwa ya ja mata layi a gaban sunan. Wanda ba shi da mai rubutu, ya yi zane da gawayi a bango, kowane gida da alamarsa.

Da mako biyu ya cika, sunaye 26 ne a littafin. Cikinsu 15 sun zo sau uku ko fiye, wasu ma kusan kullum. Ciniki a rana yana kaiwa ƙulli 12 zuwa 15, bai kai 20 da muka ƙiyasta ba. Ke nan ribar wata ta fi kusa da jikka 6, ba 9 ba. Haka abin yake yawanci, lissafin baki yana fin na hannu, shi ya sa ake gwaji. Amma jikka 6 ɗin ma ta ninka ta bokiti, kuma fiye da rabin waɗanda suka saya sun dawo ba tare da an kira su ba. Da a ce sunaye 40 ne amma 5 kaɗai suka dawo, da na ce ta tsaya, ko da ƙullin da aka sayar ya fi haka yawa, domin a unguwa mai gida 120 sababbin fuskoki suna ƙarewa da wuri.

Sai na sa ta yi abin da yake da ɗan nauyi: ta je wurin waɗanda suka zo sau ɗaya ba su koma ba, ta tambaye su dalili, ba da fushi ba. A nan ta samu abin da babu malamin da zai koya mata. Mata uku suka ce barkonon da ta gauraya a cikin kukar ya yi wa yara yawa. Daga ranar ta koma ƙulla barkono a 'yar ledarsa dabam, a cikin babbar. Wasu suka ce ba za su sha miyar kuka kwana bakwai a jere ba, maigida zai yi magana. Sai ta ƙara haɗi na biyu, na busasshiyar kuɓewa, a farashi ɗaya. Wata kuma ta gaya mata gaskiya cewa ƙullin da ta samu kukar ta dunƙule, ta canja kala. Da muka duba, ta ƙulla da yawa ne tun kwana huɗu, daddawa mai ɗan danshi tana kwance a jikin garin kuka cikin leda, ga zafi. Maganinsa shi ne a shanya daddawa ta bushe sosai, a ƙulla na rana ɗaya ko biyu kawai, sauran kuka a bar ta a rufe a wuri mai sanyi inda rana ba ta bugu. Kuka mai kyau koriya ce, tana zuba kamar gari. In ta fara dunƙulewa ko ƙamshinta ya juya, kada a sayar wa mutane, domin wadda miyarta ta lalace sau ɗaya ba za ta yi shiru a layin famfo ba.

Kada in bar ku da zaton cewa daga nan sai cin riba. Akwai abubuwan da za su zo, gara ku san su tun yanzu.

Bashi zai zo. Mai dawowa kullum ita ce dai za ta zo wata rana ta ce a ba ta zuwa rabo. Hana ta gaba ɗaya yana da wuya, kuma a zaman da muke yi ba daidai ba ne ma. Amma ku dubi lissafin: ƙulli guda da ba a biya ba ya tafi da dala 7 na jari, sai an sayar da uku kafin a cike ramin. Ita abin da ta yi shi ne ta sa iyaka, ba ta bin gida ɗaya fiye da ƙulli 3, sai an biya a sake, kuma ta faɗa wa kowa haka tun farko don kada wata ta ga kamar ita aka ware.

Masu kwaikwayo ma za su zo. Sana'ar da ake farawa da jikka guda, duk wanda ya ga tana tafiya zai iya farawa gobe. Kafin wata biyu wata maƙwabciya ta buɗe irin nata a ɗaya gefen unguwar. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a karya farashi. Mai cin dala 3 in ta rage dala 2, me ya saura? Kuma ita ma waccan za ta rage, ku taru ku yi wa unguwa aikin banza. Abin da ke riƙe mai saye shi ne ta san awonki ba ya raguwa, kayanki masu tsafta ne, kuma duk yammar da ta aiko yaro zai same ki. Gida 84 suna iya ɗaukar mutum biyu. In sun zama biyar, to an koma labarin ƙosai, lokaci ya yi da za a sake fito da gwangwani da tsakuwa a duba wani abin.

Sai damina. Da ruwa ya zauna, ganye zai fito, ga lalo, ga yakuwa, ga tafasa, ga ɗanyar kuɓewa, wasu ma a bayan ɗaki za su tsinka. Cinikin busasshen kaya zai ja baya, danshi kuma zai fi saurin ɓata abin da aka ajiye. Daddawa da barkono dai ana bukatar su ko da wane ganye za a yi miyar. Don haka kada a tara kuka da yawa gab da damina don an ga ciniki yana kyau a bazara. Bukatar da kuka auna a wata ɗaya ta wannan watan ce, in yanayi ya juya a sake aunawa.

Wani zai ce to kowa ya koma haɗin miya ke nan? A'a, don Allah. In mutum 30 da ke zaune a nan suka tashi gobe da ƙullin kuka, na cuce ku. Misali ne na kawo don ku ga yadda ake bi. A unguwarku wataƙila akwai masu kayan miya uku tun tuni, amma babu mai kokon safe kafin yara su tafi makaranta, ko babu mai ƙuli-ƙuli, alhali ƙasar Maraɗi ƙasar gyaɗa ce. Kuma kada ku manta da mutanen gari da suka karɓe mu. Su ma masu saye ne, kuma kuɗinsu ba ya bin ranar rabo, yana bin kaka da ranar kasuwa. Wanda hajarsa ta samu shiga wurinsu ya samu ƙafa ta biyu da zai tsaya a kai lokacin da sansani ya yi tsit. Sai dai in za ku shimfiɗa kaya a kasuwarsu, ku fara gaida sarkin kasuwa, ku ji ƙa'idar wurin da abin da ake biya.

Ga aikin da nake so kowa ya zo da shi zama na gaba. Ka zaɓi haja uku da kake tunani. Ka tambayi mutum 20 abin da suka saya jiya, ba 'yan gidanku ba. Ka ƙirga masu sayar da kowace, ka lura da inda suke zama, da lokacin da suke tashi, da mafi ƙanƙantar abin da suke sayarwa. Ka tambaya ko ana raba ta kyauta. Sannan ga kowace ka faɗa mini kwana nawa take yi kafin mai saye ya sake nema. Kada kowa ya sayo komai kafin nan. Masu littafi su zo da littafi, masu gwangwani su zo da gwangwaninsu, za mu juye a nan mu yi lissafin tare, ɗaya bayan ɗaya.

Baba, na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismilla, da kai za mu fara tambayoyi.